Wasiƙa zuwa ga hedimasta: yaro na kwance da mura, yaushe zan ce zai koma?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku duba min wannan wasiƙa kafin in aika. Sadik ne ba lafiya tun daren Lahadi, yau Laraba kwana uku ke nan bai je makaranta ba. Ranar Litinin mun kai shi asibiti, aka yi gwajin maleriya ba a ga komai ba, likita ya ce mura ce mai tsanani irin wadda ke zagawa yanzu. Gobe Alhamis suna da gwajin lissafi, shi ya sa nake son ya koma. Ga abin da na rubuta:

"Zuwa ga Shugaban Makaranta. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina mai ba da haƙuri game da rashin zuwan ɗana makaranta kwana biyun nan saboda rashin lafiya. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, in Allah ya yarda gobe zai dawo. Na gode."

Ya isa haka ko in ƙara wani abu?

Alhaji Ɗan Ige: Wa alaikumus salam. Allah shi ba yaro lahiya. Amma Hajiya mi ya kawo wasiƙa? Buga ma malamin aji waya ki ce yaro ba lahiya, magana ta ƙare. Mu da munka yi firamare ba mu san wata wasiƙa ba, in ka warke ka taho.

Malam Bello Mabera: Allah ya ƙara sauƙi. Alhaji, waya tana da amfani a ranar farko, don kada a zaci yaro ya fito gida ya maƙale a hanya. Amma waya ba ta shiga fayil. Na riƙe makaranta kafin in yi ritaya, abin da ke faruwa shi ne malamin aji ya ɗauki wayar yana kan kabu-kabu, ya ce to Allah ya sawwaƙe, ya manta. A rajista kuwa an riga an sa wa yaro alamar bai zo ba, safe da rana. Ƙarshen zango in aka zo haɗa makin gwaje-gwaje aka ga gurbin lissafi ba komai, ba wanda zai tuna da wayar. Takarda ce ke sa a ce wannan yana da uzuri, a sake masa.

Maman Sadik, wasiƙarki akwai ladabi, amma in ni ne a ofis ba zan san abin da zan yi da ita ba. Babu cikakken sunan yaro, babu aji. A makaranta ɗaya za ki samu Sadik biyar, wasu ma Abubakar aka rubuta musu a rajista. "Kwana biyun nan" kuma magana ce ta baki, hedimasta kwanan wata yake so: daga Litinin 27 ga Janairu zuwa yaushe. Sannan ba ki ambaci gwajin ba, alhali shi ne ya dame ki.

Maman Sadik: Gaskiya ne Malam. Aji huɗu yake, shekararsa 9. Zan gyara.

Sista Hadiza: Kafin a gyara rubutu, ni goben nan ce ta tsaya min. Maman Sadik, yaushe rabonsa da zazzaɓi, kuma yaushe kika ba shi magani na ƙarshe?

Maman Sadik: Jiya da dare jikin ya yi zafi, na auna na ga 38.4. Yau da asuba wajen ƙarfe 6 na ba shi farasitamol. Yanzu ƙarfe 10 ga shi nan ya sha kunu, har yana faɗa da ƙanwarsa kan rimot.

Sista Hadiza: To wannan sauƙin da kike gani yanzu na magani ne, ba mu san na jikin ba tukuna. Farasitamol yana danne zazzaɓi na awa 4 zuwa 6, sai ya sake shi. Ƙa'idar da muke faɗa wa iyaye ita ce yaro ya yi awa 24 cur ba zazzaɓi, kuma ba tare da an ba shi maganin saukar da zazzaɓi ba. Zazzaɓi kuwa shi ne ma'auni ya nuna 38 ko sama.

Mu lissafa da naki. Kin ba shi ƙarfe 6 na safe, ƙarfin maganin zai ƙare wajen 12 na rana. Daga nan ake fara ƙirge. Ko da jikin bai sake yin zafi ba ko kaɗan, awa 24 za ta cika ne gobe Alhamis da tsakar rana, lokacin an riga an gama gwajin. Ke nan mafi kusa da zai iya komawa Juma'a ce. Juma'a kuma rabin yini ce, kafin ya zauna an tashi. In ɗana ne, Litinin 3 ga Fabrairu zan rubuta.

In kuma yau da yamma zafin ya dawo kika sake ba shi magani, ƙirgen ya koma farko.

Maman Sadik: Litinin? Sati guda cif ke nan fa Sista. Babansa zai ce na cika sangarta yaro.

Sista Hadiza: Ki nuna masa lissafin. Wannan mura ba irin ta majina da atishawa ba ce da yaro ke yawo da ita. Ita wannan farat ɗaya take kayar da mutum, zazzaɓi mai ƙarfi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, kasala. Mai ita yana iya yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin alamu su fito, har zuwa kwana 5 zuwa 7 bayan ya kwanta, yara ma sukan wuce haka. Kwana ukun farko ne ta fi yaɗuwa. Alhamis kwana na huɗu ne gare shi, Litinin kuwa na takwas. A ajin da ake zama uku-uku a benci, ga hunturu an rufe tagogi saboda ƙura, kin san sauran.

Baban Khairat: Sista ta yi daidai, amma akwai hanyar gajarta abin. Hajiya ki je kemis su haɗa mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake sha na kwana biyar. Ɗiyata bara haka anka yi mata, kwana biyu ta miƙe. In ya fara sha yau, bayan awa 24 ba ya harbin kowa, sai ki rubuta a wasiƙa cewa yana kan magani.

Sista Hadiza: Baban Khairat, wannan maganar ta awa 24 bayan fara magani akwai ta, amma ta wasu cututtukan maƙogwaro ce waɗanda bakteriya ke kawowa. Mura bairos ce, su amoksilin ba sa taɓa ta, ba sa rage kwanakinta, ba sa hana yaɗa ta. Khairat da ta miƙe a kwana biyu, mai yiwuwa lokacin miƙewarta ne ya yi. Akwai maganin ita murar kanta, oseltamivir, amma likita ne ke rubutawa, kuma amfaninsa ya fi yawa in an fara cikin awa 48 na farko. Sadik ya wuce nan.

Tunda ka ambaci kemis, abu biyu. Kada a ba yaro mai mura asfirin ko haɗin da ke ɗauke da shi, yana iya jawo wata mummunar cuta da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Na biyu, Maman Sadik ki duba kwalbar maganin mura ko na tari in kina ba shi. Da yawansu akwai farasitamol a ciki. Sai uwa ta ce ta daina ba da maganin zazzaɓi, alhali sirof ɗin da take ba shi safe da dare yana danne zafin. In akwai, ƙirgen awa 24 bai fara ba.

Baban Khairat: To ni dai na ga aikinsa da idona. Amma ku ne masu aikin.

Maman Sadik: Na duba, sirof ɗin da aka rubuto mana babu shi a ciki. Alhamdu lillahi.

Anti Luba: Ni tambayata, wace makaranta ce ke neman wasiƙa don a shigar da yaro a tsakiyar zango? Mu da muka dawo daga Gusau sai da muka kawo takardar canjin makaranta da katin rigakafi kafin su karɓi Ummi.

Maman Sadik: Anti ba sabon shiga ba ne, yana ciki tun nazare. Rashin lafiya ce ta hana shi zuwa.

Anti Luba: Au, ban karanta daga sama ba. Allah ya ba shi lafiya.

Malam Bello Mabera: Bari in ɗora kan maganar Sista ta ɓangaren rubutu. Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne su yanke rana kai tsaye, "gobe zai dawo". Goben ta zo jiki ya ƙi, sai a shiga kunyar sake rubutawa, ko kuma, wanda ya fi muni, a ɗura wa yaro magani da asuba a tura shi don a cika alkawari. Ƙarfe 11 malami ya kawo shi ofis yana rawar sanyi, a fara neman lambar uwa. Abin da ya fi shi ne ki ba da rana tare da sharaɗinta: muna sa ran Litinin, muddin ya cika awa 24 ba zazzaɓi ba tare da magani ba, in abin ya canja zan sanar da ku kafin asambuli. Da wannan jimlar kin ba hedimasta ranar da zai yi shiri da ita, kin kuma bar wa kanki ƙofa.

Malama Rabi: Ni malamar aji ce a firamare, aji uku. Don Allah iyaye ku riƙa faɗin irin ciwon. Ba tsegumi muke so ba. In aka ce min "rashin lafiya" kawai, ban san ko ƙafa ya gurɗe ba. In aka ce mura ce mai zazzaɓi, zan sa ido kan waɗanda ke benci ɗaya da shi, wanda na ga ya kwantar da kai a tebur in taɓa goshinsa. Kuma akwai yaran da muka san suna da asma ko sikila, su ne abin tsoro, sai mu sanar da iyayensu.

Barista Nasiru: Malama ina da ja kaɗan. Ciwon yaro sirrin gidansu ne. Yau mura ce, ba wanda zai damu. Gobe in farfaɗiya ce ko tarin fuka fa? In aka saba wa iyaye cewa dole su bayyana, wata rana takarda za ta kwana a kan teburin ofis kowa ya karanta, yara su fara gudun ɗan mutane.

Malama Rabi: Ban ce dole ba Barista. Amma abin da ake ɗauka ta numfashi a cikin aji ba na gida ɗaya ba ne. Tarin fukan da ka kawo ma ai ya fi mura buƙatar a sani.

Barista Nasiru: A sani, na yarda, amma wa zai sani? Hedimasta da malamin aji, a ambulan rufe. Ba a miƙa wa yaro a buɗe ya kai ba.

Malam Bello Mabera: A kan ambulan ina tare da kai. Sauran kuwa layi ɗaya ya wadatar: likita ya duba shi, ya ce mura ce, gwajin maleriya bai nuna komai ba. Ba sai an jera sunayen magunguna ko sau nawa ya yi amai ba. Na sha karɓar wasiƙa shafi biyu, tun daga yadda ciwo ya fara har kuɗin da aka kashe, sai a layin ƙarshe ka ga ba a faɗi ranar dawowa ba.

Alhaji Ɗan Ige: To da Hausa za a rubuta ko da Turanci? Makarantun kuɗin ga wasu in ba Turanci ba sai su yi ma kallon ƙauye.

Malam Bello Mabera: Da harshen da mai rubutu zai faɗi abin da yake nufi daidai, kuma mai karɓa ya gane. In hedimastan ba ya jin Hausa sai a yi da Turanci. In yana ji, Hausa mai kwanan wata ta fi Turancin da aka kwafo daga wayar maƙwabci, har da sunan wani yaron a ciki.

Maman Sadik: Bahaushe ne, mutumin Gwadabawa. Wata tambayar kuma, tarin fa? Har yanzu yana yi sosai, musamman da dare. In Litinin ta zo yana tari, ba za su koro shi ba?

Sista Hadiza: Tarin mura yakan ja sati biyu, wani lokaci fiye, ga hazon nan na ƙara tayar da shi. Ba a jiran tari ya ƙare kafin a koma makaranta, in ba haka ba rabin aji na gida har zafi ya shigo. Abin dubawa shi ne zazzaɓi ya tafi, yana cin abinci, yana da ƙarfin zama a aji. Ki rubuta a wasiƙar cewa akwai sauran tari, don kada malami ya firgita. Ki sa masa takunkumi na kwanakin farko, da hankici da gorar ruwansa shi kaɗai.

Amma ki san tarin da ba na jira ba ne. In kika ga numfashinsa ya yi sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ko yana kukan ciwon ƙirji, a koma asibiti nan take. Haka in zazzaɓi ya tafi kwana ɗaya ko biyu sannan ya dawo da ƙarfi tare da tari mai tsanani, wannan sau da yawa alamar nimoniya ce ta biyo bayan murar, a nan ne maganin da Baban Khairat ke magana yake da aiki, da hannun likita. Sai kuma wanda mu a Sakkwato ba ma wasa da shi a rani: ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko yaro ya yi ta barci a kasa tashinsa. Wanda ya ga sanƙarau na 2017 ba sai an yi masa bayani ba.

Malama Rabi: Takunkumin nan Sista, gaskiya kafin tara ya koma haɓa ko aljihu. Yaro ɗan shekara 9 ne fa. Ni na fi ganin amfanin a zaunar da shi gefen taga.

Sista Hadiza: A yi duka biyun. Ko awa biyu ya yi da shi an rage.

Baban Khairat: Ba a haɗa takardar asibiti? Makarantar su Khairat in yaro ya wuce kwana uku sai da ita.

Malam Bello Mabera: Ya danganta da makaranta, kowace da tsarinta. Ta duba takardar dokokin da aka ba su lokacin shiga. In ba a ambata ba, hoton katin asibiti ko takardar sakamakon gwajin ya isa, ta riƙe na asali. Ni ban taɓa tura uwa ta koma layin asibiti don takarda kawai a kan mura ba.

Baban Khairat: Kai ne Malam. Wasu ba su yarda.

Maman Sadik: 'Yan uwa ga ni na dawo, yanzu bayan magariba. Zafin ya ɗan dawo, 38.1, yana cewa kansa na ciwo, na ba shi magani. Wuyan lafiya lau, na sa shi ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji. Numfashin ma daidai. Babansa da ya taɓa jikin da kansa bai ƙara maganar gobe ba. Ga sabuwar wasiƙar:

"29 ga Janairu.

Zuwa ga Shugaban Makaranta, ta hannun malamin aji huɗu.

Assalamu alaikum. Ni ce mahaifiyar Abubakar Sadik na aji huɗu. Ina sanar da ku cewa bai samu zuwa makaranta ba tun ranar Litinin 27 ga Janairu saboda mura mai tsanani da zazzaɓi. Likita ya duba shi a ranar, gwajin maleriya bai nuna komai ba. Ga hoton katin asibiti haɗe da wannan takarda.

Har daren yau zazzaɓin bai sake shi ba, don haka ba zai zo Alhamis da Juma'a ba. Muna sa ran zai dawo ranar Litinin 3 ga Fabrairu in Allah ya yarda, muddin ya cika awa 24 ba zazzaɓi ba tare da shan magani ba. In hakan bai samu ba zan sanar da ku da safiyar Litinin.

Ina roƙon a ba shi damar rubuta gwajin lissafi na ranar Alhamis bayan ya dawo, a ranar da malaminsa ya ga ta dace. Ina kuma roƙon a ba yayansa da ke aji shida jerin darussan da aka yi a wannan mako, don ya kwafa a gida. Zai dawo da sauran tari, zai sa takunkumi, kuma ina neman a ɗauke masa wasannin motsa jiki da sharar fili na makon farko.

Na gode da kulawarku."

Sai suna, sa hannu da lambar waya a ƙasa. A ta gaskiyar zan sa cikakken sunansa da na mahaifinsa.

Malam Bello Mabera: Wannan ta yi. Gyara ɗaya: gwajin kada ki bar shi a buɗe gaba ɗaya, ki ce "daga Laraba zuwa sama". In ba haka ba wani malamin ranar Litinin ɗin zai miƙa masa takarda, yaron da bai ga allo ba sati guda.

Malama Rabi: Kuma kada ki sa rai dole a sake masa gwaji. Wasu malaman sabbin tambayoyi suke fitarwa, wasu kuma makin gwaji na gaba suke ɗauka su cike gurbin. Duka biyun ana yi. Ki dai tambaya ranar Litinin wanne aka zaɓa, ki ji da kunnenki.

Alhaji Ɗan Ige: To Islamiyya hwa? Assabar ake komawa. Ko ita ba a yi mata wasiƙa?

Sista Hadiza: Lissafin ɗaya ne Alhaji, can ma sun fi matsuwa a tabarma. In daga maganin daren nan zafin bai dawo ba, awa 24 ta cika kafin Asabar. Amma kwana na shida ne, ni da zan bar shi sai Litinin a haɗa gaba ɗaya.

Maman Sadik: Wannan sai na yi da babansa, don hadda ce suke kai kuma shi ba ya son a tsallake. Malamin Islamiyyar maƙwabcinmu ne, baki ya isa. Wasiƙar boko yayansa zai kai gobe da safe a ambulan. Sista, ita ƙanwar tasa da suke kwana ɗaki ɗaya, in tura ta nazare gobe ko in riƙe ta?

Sista Hadiza: In ba zazzaɓi, ba tari, tana cin abinci, ki tura ta. Ki auna ta da safe kafin ta fita, ki sake aunawa in ta dawo, haka har ƙarshen mako, don daga ɗauka zuwa bayyanar alamu kwana 1 zuwa 4 ne. Yau ki raba musu ɗaki da kofin sha. Shekararta nawa?

Maman Sadik: 4.

Sista Hadiza: To ita in ta fara zazzaɓi kada ki ce ai murar yayanta ce ki yi ta ba ta maganinsa. Ki kai ta a ranar a yi mata nata gwajin maleriyar, 'yan ƙasa da shekara 5 ba a jira da su.